Shirin Doguwar Tafiya a Keke Bisa Bugun Zuciya

Sabon mahayin keke da ke son cin kilomita 80 a rana ɗaya yana bukatar kimanin mako goma sha biyu na horo, kuma bugun zuciya ne ma'auni mafi sauƙin samu. Na'urar auna ƙarfin taka feda ta fi daidaito, amma tana da tsada. Madaurin ƙirji mai ƙirga bugu ya wadatar.

Da farko a kimanta iyakar bugun zuciya ta hanyar cire shekarun mutum daga 220. Lissafin kirdado ne, amma ya isa a fara da shi. Mai shekara 30 zai samu 190. Doguwar tafiya ana yin ta ne tsakanin kashi 65 da 75 cikin ɗari na wannan adadi, wato bugu 124 zuwa 142 a minti. A wannan mataki mahayi yana iya hira ba tare da haki ba.

Ya hau sau uku a mako: biyu gajeru na minti 45, sai doguwa ɗaya da za ta fara daga awa guda, ana ƙara mata minti 20 kowane mako. Duk mako na huɗu a rage ta da rabi domin jiki ya murmure.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa a hawan tudu, inda bugu ke haura 160, ƙafafu su mutu tun tafiya ba ta yi nisa ba. Idan kuma bugu yana ta hawa alhali gudu bai ƙaru ba, yawanci zafi ne ko ƙarancin ruwa a jiki. Sai a sassauta, a sha ruwa, a mayar da horon zuwa sanyin safiya.