Sakaci Ɗaya, Hukunci Biyu

A ɗauka direbobin a-kori-kura biyu ne da suke kai gyara gareji ɗaya. Ranar Litinin bakanike ya duba motocinsu, ya faɗa wa kowannensu cewa man birki yana yoyo, kada ya hau titi sai an canza tiyo. Dukansu suka ce sai Juma'a, in kuɗi sun shigo. Ranar Talata suka yi lodi, suka bi hanya ɗaya da gudu ɗaya, kilomita 50 a awa.

Motar da ke irin wannan gudu tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Na farko ya wuce ƙofar wata makarantar allo babu kowa a titi, ya sauke kaya, ya koma gida ya ci tuwo. Na biyu ya iso wurin daidai lokacin da wani yaro ya biyo ƙwallo a guje. Ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ba ta tsaya ba. Da yaron ya yi jinkirin daƙiƙa biyu, da motar ta riga ta ba shi baya.

Kowa ya san abin da zai biyo baya. Direba na biyu zai kwana a hannun 'yan sanda, in ma ya tsira daga hannun jama'a, kuma unguwa za ta riƙa kiransa wanda ya kashe yaro har ya mutu. Na farko kuwa, in labarin birkinsa ya fito, iyakarta a ce masa ya riƙa kula. To mene ne na biyun ya aikata wanda na farkon bai aikata ba? Gargaɗi ɗaya suka ji, uzuri ɗaya suka kawo. Abin da ya raba su shi ne ƙwallon wani yaro, wadda ba ta hannun ko ɗayansu.

Masana falsafa biyu ne suka sa wa wannan matsala suna a 1976, Bernard Williams na Birtaniya da Thomas Nagel na Amurka, a maƙalu biyu da suka rubuta, na biyun yana mayar wa na farkon martani. Sunan da suka ba ta yana nufin sa'ar da ke shiga cikin yabo da zargi. Sun haɗa kalmomin da gangan don su yi karo, saboda akwai ƙa'idar da kusan kowa ya yarda da ita: ba a zargin mutum a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda aka hankaɗa ya faɗa kan tiren mai talla ba a ce masa maɓarnaci. Immanuel Kant ya kai wannan ƙa'ida ƙarshenta a 1785, inda ya nuna cewa kyakkyawar niyya tana nan da darajarta ko da ba ta haifar da komai ba. Abin da Nagel ya nuna shi ne muna riƙe da ƙa'idar a baki, muna karya ta kullum a aikace, kuma ba ma jin mun yi kuskure.

Ba a sakamako kaɗai sa'ar take ba. Nagel ya kawo misalin Bajamushen da ya zama jami'i a sansanin 'yan Nazi, wanda da kasuwanci ya kai shi Ajantina a 1930 da ya ƙare rayuwarsa bai cuci kowa ba. Jarrabawar da ta same shi ba ta samu wani ba. Sannan ga halin da aka haifi mutum da shi da gidan da ya tashi, waɗanda bai zaɓa ba. In aka ci gaba da ɓare waɗannan ɗaya bayan ɗaya kamar albasa, sai a rasa abin da ya rage da za a kira aikin mutum na kansa. Nan ne abin yake da ban tsoro.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ce zuciyarmu ce ke yaudararmu. Akwai hujja a kan haka. A 1988 Jonathan Baron da John Hershey sun ba mutane labarin likitan da ya yanke shawarar yin tiyata, da bayanan haɗarin iri ɗaya. Inda aka ce majiyyacin ya rayu, sai aka yaba shawarar. Inda aka ce ya mutu, sai darajar shawarar ta faɗi, alhali likitan bai san gaibu ba a duka biyun. In haka ne, sai mu gyara tunaninmu mu daidaita direbobin.

Amma a wane mataki? In muka ɗaga na farko zuwa matsayin na biyu, duk wanda ya taɓa duba waya yana tuƙi ya zama mai kisa, kuma ban san direba nawa za su rage a gari ba. In muka sauke na biyu zuwa matsayin na farko, sai mu je gidan makoki mu ce wa mahaifin yaron abin da ya faru bai wuce laifin tarar birki ba. Babu mai iya furta wannan.

Williams ya ƙara tsananta lamarin. Ya ce a ɗauki direban da ba shi da sakaci ko kaɗan, birkinsa lafiya, gudunsa daidai, yaro ya faɗo masa. Mutane za su ce masa ba laifinka ba ne, ƙaddara ce, kuma gaskiya suka faɗa. Amma in ya karɓi maganar nan take, ya karkaɗe riga ya tambayi inda ake sayar da shayi, waɗanda suka rarrashe shi ɗin za su fara kallonsa da wani ido. Muna so ya ji wani nauyi da ɗan kallo ba ya ji, domin ta hannunsa abin ya bi.

A ganina, tambayoyi biyu muke cakuɗawa. Ɗaya ita ce yaya munin abin da mutum ya zaɓa. Ɗayar ita ce me ya hau kansa yanzu da ɓarna ta auku. Fiƙihun Musulunci ya daɗe da raba su a babin kisan kuskure, bisa aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Babu ƙisasi, domin babu nufin kisa. Amma akwai diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000, kuma ba a ɗora ta a kan mai kuskuren shi kaɗai ba, danginsa na wajen uba ne suke haɗuwa su biya, waɗanda ake kira aƙila. Shi kuma akwai kaffara a kansa, azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba. Dangin ba su taɓa sitiyari ba, don haka ba za a ce diyyar ma'aunin muguntarsu ce ba. Asara ce ta faɗo, aka raba ɗaukarta. Azumin kuma ya ba wannan nauyi da Williams ya bayyana wata hanyar fita, mai farko da ƙarshe.

Wannan rabewa ta rage matsalar, ba ta kashe ta ba. Tana bayyana dalilin da ya sa na biyu zai biya, na farko ba zai biya ba: a wajen na farko babu gawa, babu wanda za a biya. Amma ba ta wanke mu daga yadda muke kallon mutanen biyu ba. Ba cewa kawai muke yi na biyu yana da bashi a wuyansa ba. Ƙyamarsa muke yi, mu hana shi auren 'yarmu, alhali na farko yana zaune a majalisarmu yana taya mu tsine masa. Mai yiwuwa ma shi ya fi kowa ɗaga murya.

Shi kuwa bakanike, da ya ji labari, bai tsaya rarrabe su ba, domin tiyo biyu ya gani ranar Litinin, duka a fashe. Ya aika yaronsa ya kira direba na farko. Yaron ya dawo ya ce ya riga ya fita da lodi tun asuba, ya ce a faɗa wa maigida Juma'a tana nan.