Ƙauye Talatin Ko Ƙauye Ɗari Biyu: Yadda Masu Bincike Ke Zaɓen Gidajen Da Za Su Shiga

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau, idan aka sauke masa buhu ɗari na gero, ba ya kwance su duka. Yakan ɗebi kaɗan daga wannan buhu, ya tsallaka ya ɗebi daga wancan, ya murza a tafin hannu, ya yanke hukunci a kan kayan gaba ɗaya. Ya kuma san cewa ɗiba goma daga buhu ɗaya ba ta kai ɗiba ɗai-ɗai daga buhu goma ba, domin geron buhu ɗaya daga gona ɗaya ya fito. Masu binciken ƙididdiga da ke yawo ƙauyuka da tambayoyi a kan rigakafi, ruwan sha ko gidan sauro, da wannan matsalar suke fama. Bambancin kawai shi ne nasu buhunan suna warwatse ne a daji, kuma isa ga kowanne sai an ƙona mai.

A ɗauki misali na ƙiyasi. Wata ƙaramar hukuma tana da ƙauyuka 200, ana son sanin kashi nawa na gidajenta ke kwana cikin gidan sauro, kuɗin da ke hannu kuma na tambayar gida 600 ne. Hanyar da ta fi tsabta a lissafi ita ce a rubuta sunan kowane magidanci a yankin, a jefa ƙuri'a, a ciro 600. To amma wa ke da wannan jerin sunaye? Ko da an same shi, ƙuri'ar za ta watsa gidajen ne a kusan ƙauyuka 190, nan gida uku, can gida biyu, wani wurin ma gida ɗaya tal a bayan rafi. Kowane ƙauye kuwa yana da nasa haƙƙi: a nemo hanya, a je gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, a sami ɗan jagora, a jira maigidan da ya tafi gona. Idan ayarin ma'aikata ya iya ƙauye uku a wuni, aikin zai ci fiye da kwana 60.

Hanya ta biyu ita ce ta gungu. Maimakon a jefa ƙuri'a a kan gidaje, sai a jefa ta a kan ƙauyuka, a ciro 30, sannan a tambayi gida 20 a cikin kowanne. Jimillar tana nan 600, amma gaisuwar dagaci ta koma sau 30, tafiyar mota ta ragu, ma'aikaci yana fita daga wannan gida da ƙafa ya shiga na gaba. Idan tambayoyin ba su da tsawo, ƙauye ɗaya a wuni ya ishe su, su gama cikin wata guda. Sannan ba a bukatar jerin gidajen ƙaramar hukumar duka, sai na ƙauyukan da ƙuri'a ta faɗa wa. Arahar ke nan.

Zaɓen ƙauyukan ma yana da ƙa'ida, don kada ƙauye mai mutum 300 ya yi kunnen doki da gari mai mutum 8,000. Ana jera ƙauyukan da yawan jama'arsu, ana tara adadin daga sama zuwa ƙasa. Idan jimillar ta kai 300,000, sai a raba da 30, a sami tazarar 10,000. A ciro lamba ɗaya da ƙuri'a tsakanin 1 da 10,000, a ce 4,200. Ƙauyen da mutum na 4,200 ya faɗa cikinsa shi ne gungu na farko, na biyu shi ne na mutum na 14,200, na uku na 24,200, haka har a cika 30. Babban gari ya fi samun damar fitowa daidai girmansa, kuma da yake adadin gidajen da za a tambaya ɗaya ne a kowane gungu, a ƙarshe damar kowane gida takan zo kusan daidai da ta saura.

Haka manyan bincike ke tafiya. Binciken yawan jama'a da lafiya na Nijeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya zaɓi gungu 1,400 daga yankunan ƙidayar 2006, aka rubuta gidajen kowane gungu sabo, aka ciro 30 a kowanne, wato kusan gida 42,000. Gida a nan ba ya nufin duk wanda ke cikin katanga ɗaya. A gidan gandu mai sassa biyar, masu bincike sukan ƙirga waɗanda ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya a matsayin gida guda, don haka zaure ɗaya yana iya ɓoye gida biyar.

Ina hasarar take? Tana cikin kamannin maƙwabta. Mutanen ƙauye ɗaya rijiyarsu ɗaya, asibitinsu ɗaya, limaminsu ɗaya, motar rabon gidan sauro kuma ko dai ta zo musu duka ko ta wuce su duka. Saboda haka amsar gida na biyu ba sabon labari ce cikakkiya ba, wani ɓangarenta maimaicin na farko ne. Kafin a kai gida na ashirin, an riga an san yawancin abin da zai faɗa. A takarda an tambayi gida 600, amma labarin da aka samo bai kai na gida 600 da aka warwatsa ba.

Leslie Kish, masanin ƙididdiga na Jami'ar Michigan, shi ya yaɗa ma'aunin wannan hasara a littafinsa na 1965, ana kiransa tasirin tsari:

DEFF = 1 + (m − 1) × ρ

Harafin m shi ne yawan gidajen da aka tambaya a kowane gungu. Alamar ρ kuwa ita ce gwargwadon kamannin gidajen gungu ɗaya: sifili idan ba su fi kama da juna ba fiye da yadda suke kama da baƙi, ɗaya idan amsarsu duka iri ɗaya ce. Abin da ya fito, sai a raba yawan gidajen da shi, a ga ainihin nauyin binciken.

A koma ga ƙauyuka 30 masu gida 20. A ce kamannin ɗan kaɗan ne, 0.05. Sha tara sau 0.05 ya ba da 0.95, a ƙara ɗaya, 1.95. Gida 600 sun koma daidai da kimanin 308. Abin lura shi ne yadda ƙaramar lamba irin wannan ta cinye kusan rabin aikin, kuma dalili shi ne ana ninka ta da yawan maƙwabtan da aka tambaya. Da ƙuri'ar kai-tsaye aka yi, kuma rabin gidajen ke da gidan sauro, da an ce amsar tana iya kaucewa da maki 4 sama ko ƙasa, wato tsakanin kashi 46 da 54 cikin ɗari. Da gungu, kaucewar ta kai kusan maki 6.

Yanzu a sauya tambayar, a ce ana son sanin gidajen da ke shan ruwan burtsatse. Wannan abu ne na ƙauye gaba ɗaya, inda aka haƙa kowa na sha, inda ba a haƙa ba sai rijiya ko tafki. A ce kamannin ya kai 0.4. Tasirin tsari ya zama 8.6, gida 600 sun zube zuwa kimanin 70, kaucewar ta doshi maki 12. Ma'aikata ɗaya, ƙauyuka ɗaya, rana ɗaya aka yi tambayoyin biyu, amma wata amsar ta ninka wata rauni. Akasin haka, tambaya irin ta yawan maza da mata cikin jarirai ba ta san ƙauye ba, kamannin kusan sifili ne, gungun bai rage komai ba. Shi ya sa ake cewa yawanci, ba kullum ba.

Maganin da ke hannun mai tsara bincike shi ne ya ƙara ƙauyuka, ya rage gidaje. Ƙauye 60 masu gida 10 suna ba da 600 ɗin nan, amma a tambayar gidan sauro nauyinsu ya tashi zuwa kimanin 414, a ta ruwa kuwa 130. Kuɗin mai ya ƙaru, shi ke nan cinikin. Ƙara gidaje cikin ƙauyukan da aka riga aka zaɓa kuwa kusan ɓarnar takarda ce a tambayar ruwa: ko gida ɗari aka shiga a kowane ɗaya daga ƙauyuka 30 ɗin, nauyin ba zai wuce 75 ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta san wannan lissafi lokacin da ta yaɗa sanannen tsarinta na auna rigakafin yara, gungu 30 da yara 7 a kowanne. An nemi amsar da ba za ta kauce da fiye da maki 10 ba. Da ƙuri'ar kai-tsaye yara 96 sun isa, sai aka ɗauka tasirin tsari biyu ne, aka ninka zuwa 192, aka cike zuwa 210 don su rabu daidai a gungu 30. Tsarin ya yi aiki a ƙasashe da dama domin ma'aikacin lafiya na karkara yana iya gudanar da shi ba tare da jerin gidaje ba. Ma'aikaci yakan tsaya a tsakiyar gari, ya juya kwalba ko biro a ƙasa, ya bi inda bakinta ya nuna, ya zaɓi gida ɗaya a wannan layi, sannan ya riƙa shiga ƙofa mafi kusa har ya cika yara bakwai.

A nan ne wata matsala ta daban ta ɓullo. Ƙofa mafi kusa ita ce ta ɗan'uwa ko suruki, wato an ƙara kamannin da ake gudu. Kwalbar kuma tana fifita gidajen tsakiyar gari, kusa da kasuwa da ɗakin shan magani, ta bar na gefe da rugagen makiyaya, waɗanda su ne allura ta fi wucewa. Wannan ba kaucewa ce da ƙarin gungu zai gyara ba, karkata ce zuwa gefe guda, takan sa a ga rigakafi ya fi yadda yake. A jagorar da hukumar ta fitar a 2018 ta bar wannan hanya, ta koma ga rubuta gidajen gungu da ciro su da ƙuri'a, tare da komawa gidan da aka tarar ba kowa maimakon a maye shi da na maƙwabci.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa a ofis ake yin sa, bayan an dawo daga daji. Mai lissafi ya zuba gida 600 a na'ura bai gaya mata cewa daga ƙauye 30 suka fito ba, sai ta ba shi kaucewar maki 4, ya buga a rahoto. Daga nan a ga an ce wannan ƙaramar hukuma mai kashi 52 ta fi waccan mai kashi 46, alhali tazarar tana cikin abin da sa'ar ƙuri'a kaɗai ke iya haifarwa. Mai karatu yana iya gano wannan da kansa. Rahoton da aka yi da kyau yakan faɗi yawan gungun, ba yawan gidaje kawai ba, yakan kuma kawo tasirin tsarin manyan alƙalumansa, galibi a shafukan ƙarshe. Idan aka ga an fitar da adadi na gunduma guda daga binciken da aka tsara don jiha, sai a duba ƙauyuka nawa na gundumar aka shiga, domin sau da yawa ba su wuce biyu ko uku ba.