Idan 88 Ba Farashi Ba Ne

Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Guangzhou yakan samu hoton hirar rukunin WeChat, wanda dillalinsa ya turo masa don ya ga yadda aka yi da masu masana'anta. Rubutun da ke cikin hoto ba ya kwafuwa, sai a haska shi da Google Lens. Manhajar za ta fassara jimlolin Sinanci, amma ta bar lambobi yadda suke, kuma a nan gizo ke saƙa.

Sinawa suna wasa da sautin lambobi. Takwas a bakinsu "ba" ce, don haka 88 ta yi kama da sallamar Turawa, wato sai an jima. Wanda ya rubuta 666 yabo yake yi, yana nufin aiki ya yi kyau. Ita kuwa 250 zagi ce, ma'anarta wawa.

To yaya za a bambance? A dubi abin da ke maƙale da lambar. Farashi yakan zo da alamar 元 ko ¥, adadin kaya kuma da 个 ko 箱, wato guda ko kwali. Lambar da ta tsaya ita kaɗai a ƙarshen hira galibi magana ce.

Fuskar murmushi 🙂 ta fi ruɗarwa. Dattijo yana tura ta da zuciya ɗaya, amma a hannun matashi sau da yawa ɓacin rai take nunawa. Shi ya sa ya kamata a tambayi dillali shekarun wanda ya tura ta, a kuma nemi saƙonnin da suka gabace ta kafin a mayar da amsa.