“Da Sauƙi”: Amsar Gaisuwa ko Bayanin Jiki?

Da wuya ka je dubiya ka ce wa mara lafiya “yaya jiki?” ya ba ka wata amsa ba “da sauƙi” ba. Wanda ciwon kai ya dama jiya haka zai ce, wanda aka ɗaura wa ruwa kwana da kwanaki shi ma haka zai ce, ko da sai ka kai kunne bakinsa kafin ka ji. Ba kuwa wanda zai fito daga ɗakin ya ce majinyacin ya yi ƙarya, domin kowa ya san ba rahoton jikinsa aka nema ba. Gaishe shi aka yi, ya amsa.

Gaisuwarmu kusan duk a siffar tambaya take, kuma kowace tana tafe da amsarta a goye. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya, ko da mutum yanzu ya sauko daga motar Legas ƙafafunsa a kumbure. Ina labari, sai alheri. Yaya sanyi, lokacinsa ne. Yaya ruwa, ya yi gyara, ko da daren jiya ya kayar da katangar gidan. Yaro tun yana ƙarami ake ɗora shi a kan waɗannan amsoshi, in ya kauce a ce bai iya gaisuwa ba.

Wannan ba halin Hausawa kaɗai ba ne. A 1923 Bronislaw Malinowski, masanin al'adun da ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand kusa da Sabuwar Gini, ya yi bayanin cewa akwai maganar da ba a yin ta don isar da labari, amfaninta kawai ta ɗaure zumunci ta kori shirun da ke sa mutum biyu su tsargu da juna. Tambayar lafiya da zancen yanayi suna cikin misalan da ya kawo. Daga baya wani Ba'amurke masanin zamantakewa, Harvey Sacks, ya duba yadda ake amsa wannan tambaya a Turanci, cikin wata maƙala da aka buga a 1975. Abin da ya lura da shi ya fi shafarmu: idan ka ce lafiya, zance ya wuce, amma idan ka ce ba lafiya, ka ɗora wa mai tambaya nauyin ya ce “me ya faru?” ya kuma tsaya ya saurara. Saboda haka kafin mutum ya amsa, sai ya auna ko wannan da ke gabansa ya cancanci jin damuwarsa, ko kuma yana da lokacin ji. Sacks ya kira abin ƙaryar da kowa ke yi dole. Ni ban yarda da sunan ba. Wanda ka haɗu da shi a bakin kasuwa da kaya a kai, ka ce masa lafiya lau alhali ɗanka na kwance, kara ka yi masa, ga kuma godiya ga Allah da ke cikin amsar.

Inda matsala take shi ne a ɗauki amsar gaisuwa a matsayin bayani, kuma waya ta ƙara yawaita haka. A ce wata mata tana aure a Kano, mahaifiyarta mai hawan jini tana ƙauye. Duk Juma'a sai ta kira. “Inna, ina wuni? Yaya jikin?” “Da sauƙi, alhamdulillahi. Yaya yaran?” Daga nan sai zance ya koma kan jikoki da tsadar masara, kati ya ƙare, 'yar ta ajiye waya da tunanin ta tambayi lafiyar uwarta kuma an ce mata da sauƙi. Alhali ba ta tambaya ba tukuna. Inna kuwa ba za ta soma da kanta ba. Ba ta son ta tayar wa 'yarta hankali a gidan miji, ba ta son a ce ta faye raki, in kuma 'yar fari ce, ga kunya ta ƙaru a kai.

Da a ce a gabanta take, da ido ya yi rabin aikin: ta ga ramar, ta ga kwanon tuwon da ba a taɓa ba. A waya sai kunne, kuma abin saurare shi ne inda amsa ta kauce wa yadda aka saba. “Lafiya ƙalau” da ta fito da sauri daban take da “to, lafiya dai” da aka ja. Wadda kullum take cewa “da sauƙi sosai”, ranar da ta ce “to, mun gode Allah” bayan ɗan shiru, ta faɗi wani abu. “Jiki sai a hankali” ya fi wannan nauyi. Idan kuwa mai jinya ya ce “sai dai addu'a”, ba a tsayawa tambaya, shirin tafiya ake yi. Haka nan idan mutum ya yi wuf ya mayar da tambayar kanka, ko ya haɗa amsoshin duka a numfashi ɗaya don a wuce wurin.

Tambayar gaske tana da nata wurin zama. Ba ta zuwa a cikin jerin gaisuwa, sai an gama, an zauna, an sha ruwa. Sau da yawa ma kalma ɗaya ce: “Lafiya?” da murya ta tashi, ko “Anya lafiya kuwa?”, ko “Lafiya na gan ka haka?” Kowa ya san wannan ba ta neman “lafiya lau”. Amma ga dattijuwa irin Inna, ko ita ba ta isa ba, domin za ta iya toshe ta da “ba komai”. Abin da ke aiki shi ne tambayar da ba ta da amsar da aka haddace. “Inna, yau me kika ci da rana? Kin cinye?” “Jiya kin samu barci, ko kin yi ta farkawa?” “Maganin da aka rubuta saura ƙwaya nawa?” Wadda na fi ganin amfaninta ita ce ta sallah: “A tsaye kika yi La'asar ko a zaune?” Tsohuwar da za ta ce da sauƙi sau goma, da wuya ta ce a tsaye ta yi alhali a zaune ta yi. In ta ce ai kwana biyun nan a zaune take yi saboda jiri, ga bayani ya fito, kuma jiri ga mai hawan jini abin a je a auna ne ba da jinkiri ba. In ta ce magani yana nan da yawa bayan ya kamata a ce ya ƙare, ba ta sha ke nan.

Bayan tambayar sai a yi shiru, wanda shi ne ya fi wuya. A Amurka, a 1984, masu bincike biyu, Beckman da Frankel, sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, suka tarar a matsakaici bayan daƙiƙa 18 kacal likita ke katse majinyacin da ya fara bayani. A asibitocinmu, inda layi ke kaiwa har waje, abin yana da ƙarin tarko: ma'aikacin lafiya ya ce “Baba, yaya jiki?” da nufin tambaya, Baba ya ji gaisuwa ya ce da sauƙi. Gogaggun malaman jinya sukan bar shi ya gama gaisuwarsa tsaf, sannan su ce, “To Baba, me ya kawo ka yau? Ina ne ke ciwo? Nuna mini.”

Sai dai ba kowa ke da hurumin tambaya ta biyu ba, ba kuma a ko'ina ake yin ta ba. Suruki ba zai tsare surukarsa da tambayar barci da fitsari ba, sai dai ya tura matarsa. A zauren makoki, “yaya haƙuri?” amsarta “da godiya”, kuma wanda ya nemi fiye da haka a gaban jama'a ya takura wa mai rashi. Mai son jin yadda matar mamacin take da gaske, ya bari sai an yi sadakar bakwai, baƙi sun watse, sannan ya koma ko ya aika 'yar'uwa mace ta zauna da ita, ta tambaye ta ko tana iya cin abinci, da kuma wa ke ɗauke da cefanen gidan yanzu.