Maki 72 a Kano, Maki 72 a Amurka: Yadda Ake Fassara Sakamakon Jami'a

Takardar cikakken sakamako ita ce wadda jami'a ke jera duk kwasakwasan da ɗalibi ya ɗauka, zango bayan zango, tare da nauyin kowane kwas da makin da ya samu. Ta bambanta da takardar shaidar digiri, wadda ba ta faɗar komai sai suna da fanni da darajar digirin. Idan ɗalibi ya nemi gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, cikakken sakamakon nan ne jami'in ɗaukar ɗalibai ke zama ya duba, kuma aiki iri biyu ake yi a kansa. Na farko fassarar kalmomi daga wani harshe zuwa wani. Na biyu auna makin da ma'aunin ƙasar da za a je. Mutane kan haɗa su wuri ɗaya, alhali masu yin su daban ne, kuma yawancin matsalar da ake samu daga wannan haɗawar take tasowa.

A yawancin jami'o'in Nijeriya ma'auni mai maki biyar ake bi. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, mai daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, mai daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, mai daraja 3. Sai D daga 45 zuwa 49, da E daga 40 zuwa 44, abin da ya gaza 40 kuwa faɗuwa ce. Ana ninka darajar kowane kwas da yawan yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit, sai a samu matsakaicin makin da fom ɗin neman gurbi ke kira CGPA. Daga 4.50 zuwa 5.00 digiri ne mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 kuma daraja ta biyu ta sama. Abin da baƙo ba zai gane daga lambobin kaɗai ba shi ne, malaman Nijeriya, kamar na Birtaniya da aka gaji tsarin daga gare su, ba su cika ba da maki sama da 80 ba. Saba'in a wannan tsari babban abu ne. A yawancin makarantun Amurka kuwa sai an kai 90 ake samun A, saba'in da 'yan kai C ne kawai.

Misali ɗaya zai nuna girman tazarar. A ɗauka wata ɗaliba ta yi kwas uku: ta ci 72 a kwas mai yunit uku, 64 a wani mai yunit uku, da 55 a mai yunit biyu. A gida wannan A da B da C ne. Lissafinsa 15 da 12 da 6, jimilla 33, a raba da yunit 8, ya ba da kusan 4.13 cikin 5. Sakamako ne mai kyau, yana tsakiyar daraja ta biyu ta sama.

To, a kai wannan takarda ofishin da ke aiki da ma'aunin Amurka mai maki huɗu. Idan ɗalibar ta yi lissafin kaso da kanta, wato ta raba da biyar ta ninka da huɗu, za ta samu 3.30. Idan mai aunawa ya ɗauki harafi ya ba shi darajar takwaransa na Amurka, A huɗu, B uku, C biyu, zai samu 25 a raba da 8, kusan 3.13. Idan kuwa wani jami'i da bai san tsarin Nijeriya ba ya kalli lambobin tsurarsu ya ɗora su kan ma'aunin ƙasarsa, 72 ya zama C, 64 ya zama D, 55 ya zama faɗuwa, matsakaicin ya rikito zuwa kusan 1.13. Takarda ɗaya ta ba da amsa uku, kuma ta ukun ta isa ta sa a ajiye takardun ɗalibar gefe ba tare da an karanta sauran ba. Ta farkon ma ba ta da tushe mai ƙarfi, domin matakan ma'aunin biyu ba su yi daidai da juna ba: na Nijeriya yana da matakin E wanda na Amurka ba shi da shi. Shi ya sa jami'o'i da yawa ke gargaɗin masu nema su rubuta makinsu yadda yake a takarda, kada su sauya shi da kansu.

Abin da ke raba gardama shi ne jadawalin ma'auni, wanda jami'a kan buga a bayan takardar ko a ƙarshenta. Shi ke faɗar maki mafi girma, da mafi ƙanƙantar makin ci, da iyakar kowane harafi. Abin takaici, shi ne shafin da aka fi mantawa da shi wajen ɗaukar hoton takarda, saboda ana ganinsa kamar ba ya cikin sakamako. Ba za a iya dogara da sanin gama-gari a madadinsa ba, domin ko a cikin Nijeriya ma'aunin ba ɗaya ba ne. Kwalejojin fasaha suna amfani da mai maki huɗu, inda 3.50 ya riga ya kai mataki mafi girma. A baya Jami'ar Ibadan ta daɗe tana amfani da mai maki bakwai. Saboda haka 3.60 na wani ɗalibi ƙoli ne, na wani kuma matsakaici. Idan makaranta ta sauya ma'auni bayan ɗalibi ya gama, jadawalin shekarun da ya yi karatu ake buƙata, ko wasiƙar magatakarda da ke bayyana shi.

Ɗalibin Nijeriya bai cika buƙatar fassarar harshe ba idan ƙasar Ingilishi zai je. Wanda ya fito daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko daga wata jami'a a Masar ko Sudan, shi ne aikin biyun ke hawa kansa. A Nijar tsarin Faransa ake bi, ana ba da maki cikin 20, goma ne makin ci. Daga 12 ana samun yabo na farko, daga 14 yabo na biyu, daga 16 kuma yabo mafi girma, wanda ƙalilan ne ke kai wa. Mai 13 cikin 20 ɗalibi ne mai ƙoƙari. Amma idan mai fassara ya ga zai kyauta ya mayar da shi kashi 65 cikin ɗari, ya cuce shi, tunda mai karantawa a Amurka D zai gani. Haka ma takardun Larabci masu matakan mumtaz, jayyid jiddan, jayyid da maƙbul: iyakar kowane mataki tana bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka mayar da jayyid jiddan zuwa B kai tsaye hukunci ne da mai fassara ba shi da hurumin yankewa.

Ƙa'idar aikin mai fassara ke nan: ya fassara kalmomi, ya bar lambobi yadda suke. Yana bin tsarin takardar layi-layi yadda za a iya ɗora fassarar kusa da asali a duba. Yana fassara har rubutun hatimi da na gefen shafi, inda rubutu ya shafe ya nuna cewa ba ya karantuwa, ba ya cike gurbi da zato. Sunan ɗalibi yana bin yadda aka rubuta shi a fasfo, abin da ke da muhimmanci ga mai takardar Larabci, inda suna ɗaya kan fito Muhammad ko Mohammed ko Mahamadou. Sunan digiri ma ba a musanya shi da wanda ya yi kama da shi. Digirin farko na tsarin Faransa shekara uku ne, na Nijeriya da Amurka yawanci huɗu, kuma ko za a ɗauke su daidai, wannan magana ce ta jami'ar da ke karɓa. A ƙarshe mai fassara yana sa hannu da kwanan wata da shaidar cewa fassarar ta dace da asali. Wasu ƙasashe, irin su Jamus da Faransa, suna da masu fassara da suka yi rantsuwa a gaban kotu, kuma ofisoshi da yawa nasu kaɗai suke karɓa.

Aunawa kuwa tana hannun wasu hukumomi. A Amurka da Kanada jami'o'i da dama kan tura mai nema zuwa ƙungiyoyin tantancewa irin su WES, wadda ke iya auna digirin a dunƙule ko kwas bayan kwas. Na biyun ne ke fitar da matsakaicin maki, kuma shi aka fi nema wajen digiri na biyu. A Birtaniya akwai UK ENIC, mai ba da takardar da ke faɗar matakin da shaidar waje ta yi daidai da shi. Jamus tana da hanyar da kowa zai iya gwadawa da alƙalami, wato lissafin Babariya. Ma'aunin Jamus a juye yake: 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ne ƙarshen ci.

```
x = 1 + 3 × (Nmax − Nd) / (Nmax − Nmin)
```

A nan Nmax shi ne maki mafi girma a ma'aunin gida, Nmin mafi ƙanƙantar makin ci, Nd kuma makin ɗalibi. Mai 3.80 cikin 5, idan makin ci 1.00 ne, zai fito da 1.9. Idan aka ɗauki 1.50 a matsayin makin ci, sai ya koma kusan 2.0. Bambancin kaɗan ne, amma inda jami'a ta sa iyaka yana iya raba mai shiga da mai komawa gida, kuma daga jadawalin nan na bayan takarda ake ɗauko lambar. Ɗalibin Yamai mai 13 cikin 20 zai fito da 3.1, wanda a idon Bajamushe sakamako ne mai rauni. Nan iyakar lissafin take: yana ɗauka cewa ana samun 20 cikin 20 kamar yadda ake samun 1.0 a Jamus, alhali kusan ba a samunsa. Abin da kan taimaki irin wannan ɗalibi shi ne wasiƙa daga makarantarsa da ke nuna matsayinsa a aji.

Saura maganar hanyar da takarda ke bi. Masu tantancewa da yawa ba sa karɓar cikakken sakamako daga hannun ɗalibi; makarantar ce za ta aika kai tsaye, a ambulan mai hatimi ko ta intanet. Wasu ƙasashe kuma kan nemi a tabbatar da takardun a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan a ofishin jakadancinsu. A wannan hali ana fara buga hatiman kafin a yi fassara, domin su ma su shiga cikinta. Fitar da cikakken sakamako daga jami'a kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, don haka shi ake fara nema tun kafin a buɗe karɓar takardun neman gurbi.