Hoton bango da taken bidiyo: yadda ake jawo mai kallo ba tare da yaudara ba

Kafin mutum ya buɗe bidiyo a YouTube, abu biyu ne suke yi masa iso: ƙaramin hoton da ke bangonsa, da kuma takensa. Su biyun alkawari ne ga mai kallo, bidiyon kuwa shi ne cikawar. Saboda haka ake fara aikin da tambaya guda: wane abu ne bidiyon nan zai bayar a zahiri?

A ɗauki misalin mai koyar da girki da ta ɗauki bidiyo a kan masa. Taken "Sirrin da zai girgiza ki" bai faɗi komai ba. Amma "Dalilai uku da ke hana masa tashi" ya bayyana matsalar, ya kuma ɗaura wa mai bidiyon nauyin kawo dalilan guda uku cif. YouTube na karɓar take har haruffa 100, sai dai waya takan yanke ƙarshen dogon take, don haka kalmomi masu nauyi su zo a farko.

Hoton kuma kada ya maimaita taken, ya dai ƙarasa shi. A nan ya isa a nuna masa biyu daga tandar da aka yi aikin da ita: ɗaya ta kwanta, ɗaya ta kumbura. Girman da aka saba amfani da shi 1280 ne a 720, rubutun da ke kai kalma biyu ko uku manya. A bar kusurwar ƙasa ta dama fili, domin nan tsawon bidiyo yake bayyana. Kafin a ɗora, a ƙanƙantar da hoton a waya; in sai an ƙura ido ake gane shi, a rage tarkace.

Ana gane gaskiyar alkawarin daga alƙaluma biyu a YouTube Studio. Na farko, Impressions click-through rate, yana nuna kason waɗanda suka ga hoton suka danna; YouTube ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari. Na biyu, Audience retention, yana nuna inda mutane suka fice. Idan dannawa ta yi yawa amma jama'a suka watse cikin daƙiƙa 30 na farko, to ko dai bangon ya yi zuƙu, ko kuma gaisuwa ta yi tsawo kafin a shiga batun. Idan dannawa ta yi kaɗan amma waɗanda suka shigo suka zauna, bidiyon lafiya lau yake, bangon ne ke son gyara.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa. Sa hoton jarumin Kannywood da "Innalillahi" alhali yana raye, ko nuna abin da babu shi a bidiyon, ya saɓa wa dokar YouTube kan yaudara, kuma yana iya jawo a cire hoton ko a hukunta tashar.