Dutsen Zobe Da Ƙurar Harmatan

A ma'aunin Mohs na 1812, taurin ma'adinai yana tashi daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u ne a ƙololuwa. Lambar da ta shafe mu ita ce 7, domin ƙurar da ke tashi a gonakin Dambatta da Bichi cike take da ƙwayoyin kwaz, kuma taurinsa 7 ne. Duk dutsen da bai kai 7 ba, kamar ofal, ƙurar nan za ta kankare shi a hankali idan ana goge shi da busasshen ƙyalle, har ya dusashe. Aƙiƙ yana kan iyaka, yakutu kuwa 9. Sai dai tauri ba ya hana tsagewa: tofaz 8 ne, amma idan awarwaronsa ya bugi turmi, zai iya darewa.